Ranar da Za a Rufe Ɗakin Marasa Lafiya: Me Shugaban Asibiti Zai Ce wa Ma'aikatansa?

A watan Nuwamba na shekarar 2023, kwamitin Majalisar Wakilai mai kula da cibiyoyin lafiya ya kai ziyara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Shugaban kwamitin, Dakta Amos Magaji, ya shaida wa manema labarai cewa an rufe ɗakunan kwantar da marasa lafiya biyar a asibitin, masu gadaje kimanin 150, saboda babu likitoci da ma'aikatan jinya da za su riƙe su. Ba gini ne ya tsage ba, ba kuma gado aka rasa ba. Masu aikin ne suka tafi. Bayan 'yan watanni, a Fabrairun 2024, magatakardan hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista a Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce kimanin ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai.

Abin da jarida ke ɗauka shi ne adadin gadaje. Amma duk inda aka rufe ɗaki, sai wani ya tsaya a gaban waɗanda suka rage ya faɗa musu da bakinsa, kuma yawanci shugaban asibitin ne. Jawabin ba ya wuce minti goma. Daga shi ake gane ko waɗanda suka rage za su zauna, ko su ma za su fara neman takardun tafiya.

Ra'ayina a kan wannan jawabi ɗaya ne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa fayyace magana da tausayi abokan gāba ne, wato idan kana son ka tausasa sai ka yi kwana-kwana, idan kuma ka fito fili ka zama mara imani. A wurin ma'aikacin da ke zaune yana jiran ya ji makomarsa, ba haka abin yake ba. Tausayin da zai amfane shi yana cikin rana da adadi da suna: yaushe za a rufe, ina za a kai ni, albashina fa. Don a ga haka sosai, mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki.

A ce babban asibiti ne a ɗaya daga cikin jihohinmu, yana da ɗakunan maza biyu na masu ciwon da ba na tiyata ba, masu hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ɗaki na ɗaya yana da gado 30. Mako yana da awa 168, ma'aikacin jinya kuma yana aikin kimanin awa 40 a mako. Idan ana son a samu mutum uku a ɗakin dare da rana, ana buƙatar awa 504 na aiki kowane mako, wato mutum goma sha uku, idan kuma aka lissafa hutun shekara da rashin lafiya da hutun haihuwa sai a kai wajen goma sha biyar. A takarda ɗakin yana da tara. Ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya ya tafi ƙaro karatu. Saura bakwai, aikinsu duka awa 280 ne a mako, wanda bai kai mutum biyu a kowane lokaci ba. Sai Matiron, shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin, ta sa biyu da safe, biyu da yamma, ɗaya da dare. Mutum ɗaya, gado talatin, daga bayan isha'i har gari ya waye. Idan wani ya fara numfashi sama-sama a gado na huɗu yayin da take ɗaura wa na ashirin ruwa, babu wanda zai gani sai ɗan jinya, shi ma in idonsa biyu.

Wannan lissafi shi ne dalilin rufewar, kuma yana da tushe a bincike. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania sun duba asibitoci 168 a Amurka, suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya a kan nauyinta, yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Su can ana maganar mutum huɗu zuwa takwas ne a hannun nas ɗaya. Babu wanda zai ɗauki adadin ya ɗora shi kai tsaye a kan talatin, amma alƙiblar a fili take. Don haka hukumar asibitin ta yanke: za a rufe ɗaki na ɗaya, a ƙara gado shida a ɗaki na biyu, a haɗe ma'aikatan. Asibiti ya yi asarar gado 24.

To, yanzu sai faɗa.

Aikin yana farawa tun kafin a shiga ɗakin taro, da tambayar wa zai fara ji. Matiron mai riƙe da ɗakin bai kamata ta ji a cikin jama'a ba. Ita ce za a zagaye da tambayoyi da zarar shugaba ya fita, kuma idan ma'aikatanta suka ga mamaki a fuskarta, sun gane ke nan ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. A kira ta ita kaɗai kwana ɗaya kafin taro. Haka shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata na asibitin, ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, ta likitoci masu neman ƙwarewa, da ta sauran ma'aikatan lafiya. Amma tazarar ta zama gajera. Magana ba ta kwana biyu a asibiti ba ta fita ba. Direban motar asibiti da mai sayar da shayi a bakin ƙofa za su riga kowa ji, kuma abin da zai isa wayoyin ma'aikata ba "za a haɗe ɗakuna" ba ne, "za a kori mutane" ne. Shugaban da ya bari jita-jita ta riga shi zai ɓata rabin jawabinsa wajen ƙaryata abin da bai faɗa ba.

Lokaci ma abin lura ne, domin asibiti ba ya tsayawa. Duk sa'ar da aka zaɓa, wasu suna kan aiki, wasu suna barcin gajiyar dare. Mafi dacewa shi ne lokacin miƙa aiki tsakanin 'yan safe da 'yan yamma, a roƙi wani ɗaki ya ba da aron mutum ɗaya ya riƙe marasa lafiya na ɗan lokaci. Sa'an nan shugaban ya dawo da kansa da daddare ya maimaita wa mai aikin dare. Wannan dawowa tana da nauyi fiye da yadda ake zato, tunda saboda halin da mai aikin dare take ciki aka yanke hukuncin, bai dace a ce ita ce za ta ji a bakin wani ba. Kuma a guji yammacin Juma'a. Mutum zai koma gida da labarin ya yi kwana biyu yana juya shi, ofisoshi a rufe, babu wanda zai tambaya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa: harshe. Tarukan hukumar asibiti da Turanci ake yi, takardun sanarwa ma haka. Amma waɗanda rufewar ta fi yi wa barazana su ne masu shara da goge-goge da masu tura keken marasa lafiya, kuma su ne suka fi ƙarancin Turancin. Idan aka yi jawabin da harshen ofis, likitocin da albashinsu ba zai girgiza ba za su fahimci komai, dattijon da ya yi shekaru yana wanke ɗakin kuma ya fita yana tambayar wani me aka ce. A asibitin da Hausa ce harshen da ya haɗa kowa, a yi da Hausa, a maimaita muhimman wuraren da Turanci saboda abokan aikin da ba sa ji sosai.

Likitoci suna da tsarin da aka koya musu na faɗa wa mara lafiya mummunan labari. Wanda ya fi shahara shi ne SPIKES, wanda Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu suka wallafa a shekarar 2000 don masu kula da ciwon daji. Matakai shida ne: shirya wuri, jin abin da mutum ya riga ya sani, tambayarsa iya abin da yake son ya ji, faɗin labarin, karɓar abin da ya taso masa a zuciya, sai tsara abin da za a yi gaba. Shugaban asibiti, wanda galibi likita ne, zai so ya ɗauko wannan ya yi aiki da shi, kuma mafi yawansa zai yi amfani. Mataki na uku ne ba ya shiga. Mara lafiya yana da haƙƙin ya ce kada a faɗa masa komai, a faɗa wa ɗansa. Ma'aikaci ba shi da wannan zaɓi, domin ranar Litinin dole ya san ƙofar da zai shiga. Mataki na biyu ma sai an taƙaita shi. Ba za ka tara mutum ashirin ka tsaya tambayarsu me suke zato ba alhali kowa ya san da magana a bakinka. Za su ɗauka wasa kake da hankalinsu.

A nan ne al'adarmu take iya ruɗin mai magana. Mun saba idan za a kai labarin rasuwa, a fara da cewa jiki ya yi tsanani, a bar mutum ya shirya zuciyarsa a hanya. Hikima ce, kuma tsarin likitocin ma ya yarda da jimla ɗaya ta gargaɗi kafin a sauke nauyi. Amma jimla ɗaya ce. Shugaban da ya yi minti bakwai yana gaisuwa, yana yabon jajircewar ma'aikata, yana ba da tarihin tsadar dizal da halin da ƙasa ke ciki, ba shirya zukata yake ba, azabtar da su yake. Duk wanda ke zaune ya riga ya ƙirƙiro labarin da ya fi na gaskiya muni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sallama, gaisuwa gajera, gargaɗi, sai hukunci, duka cikin minti na farko. A misalinmu zai iya cewa:

"Assalamu alaikum. Matiron, 'yan'uwa abokan aiki, sannunku da aiki. Na tara ku ne a kan magana mara daɗi, kuma na fi son ku ji ta daga bakina. Za mu rufe ɗakin maza na ɗaya. Daga Litinin mai zuwa ba za a ƙara kwantar da kowa a cikinsa ba, bayan mako biyu kuma za a kulle shi. An riga an yanke wannan hukunci, ni na sa hannu, ba shawara na zo nema a kansa ba."

Sai ya yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, musamman ga wanda ya saba ana sauraronsa, amma mutane suna buƙatar 'yan daƙiƙoƙi kafin kunnensu ya sake buɗewa.

A lura da abu uku a cikin waɗannan jimloli. Ya ce "rufe", bai ce "sake fasali" ko "daidaita ayyuka" ba. Ya ce "ni na sa hannu", bai ɓuya a bayan "an ce daga sama" ba. Ko da ma'aikatar lafiya ce ta ba da umarni, zai iya faɗin haka a fili, amma ya faɗi nasa matsayin, domin shugaban da ya nuna shi ɗan aike ne kawai ya gaya wa ma'aikatansa cewa babu amfanin kawo masa kuka. Na uku, ya raba abin da aka gama da abin da ba a gama ba. Wannan ya fi sauran muhimmanci. Akwai shugabannin da, don kunya, suke gabatar da hukuncin da aka riga aka yanke kamar ana neman ra'ayi. Ma'aikata su yi ta kawo hujjoji, ƙungiya ta rubuta takarda, bayan mako guda a ga kafinta yana cire labule. Daga ranar, ko gaskiya shugaban ya faɗa ba za a yarda ba.

Bayan hukunci, abin da ke bi ba dalili ba ne tukuna. Tambayar da ke cikin kowane kai ita ce "ni fa?", kuma har sai an amsa ta babu wanda zai saurari lissafin awa 168. Don haka:

"Ma'aikatan jinya tara na wannan ɗaki, babu wanda zai rasa aikinsa, albashi da matakin kowa suna nan yadda suke. Biyar za su koma ɗakin maza na biyu, biyu za su koma sashen gaggawa. Biyun da ke hutu zan kira su yau da kaina. Wa zai je ina, ba mu yanke ba. Matiron za ta zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya kafin Alhamis, kowa ya faɗi zaɓinsa, za mu bi iya abin da zai yiwu. Masu taimaka wa jinya su huɗu da ke kan albashin gwamnati, ku ma za a raba ku tsakanin ɗakunan biyu. Sai ku biyar da ke aikin wucin gadi. Muna da gurbin mutum uku tabbas. Na biyun da suka rage ban samu ba tukuna, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ranar Laraba ta sama, ƙarfe goma, zan zauna da ku biyar ɗin in faɗa muku inda aka kwana, ko da amsar ba mai daɗi ba ce."

Wurin 'yan wucin gadin nan ne jawabin yake tsayuwa ko ya faɗi. Abu ne mai sauƙi shugaba ya ce "babu wanda zai rasa aikinsa" yana nufin masu takardar ɗaukar aiki ta dindindin, ya manta da waɗanda ake biya daga kuɗin shigar asibiti ko ta hannun ɗan kwangila. Su kuwa sun ji jimlar, sun kai ta gida. Idan aka sallami biyu bayan wata guda, ba su kaɗai aka yaudara ba, duk wanda ya halarci taron ya shaida. Doka ma tana da magana a nan. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 20, ta ce idan za a rage ma'aikata saboda aikinsu ya ƙare, a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Dokar ta fi shafar irin waɗannan ƙananan ma'aikata ne, tunda ta cire masu aikin ƙwararru da na gudanarwa daga ma'anar "ma'aikaci". Likitoci da nas-nas na gwamnati ƙa'idojin aikin gwamnati ne ke riƙe da su. Shugaba ba sai ya karanto sassan doka a taro ba, amma ya shigo ya san su.

Wani zai ce ai bai kamata a ambaci gurbi uku ga mutum biyar a bainar jama'a ba, an jefa su cikin zullumi na mako guda. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ya fi kyau a ga su biyar ɗin a keɓe kafin babban taro, kuma ba a kiran sunan kowa a cikin jama'a. Amma ɓoyewa gaba ɗaya ba ta cire zullumin. Sun iya lissafi, sun san ɗaki ɗaya ba ya cin masu shara na ɗaki biyu.

Yanzu dalili zai shiga kunne. A faɗe shi da adadin da ma'aikatan suka sani a jikinsu: muna buƙatar goma sha biyar, muna da bakwai, mutum ɗaya ke kwana da gado talatin. A faɗi abin da aka gwada kafin a kai nan, neman izinin ɗaukar sababbi, aron ma'aikata daga wasu sassa, da inda kowanne ya tsaya. Kuma a faɗi jimlar da mutane suke buƙata ko da ba su tambaya ba: ba don aikinku ya gaza aka rufe ba. Wanda ya yi shekaru a ɗaki ɗaya yana jin rufe shi kamar hukunci ne a kansa, musamman idan an taɓa samun rasuwar da aka yi ta magana a kai.

Bayanin dalili ba ado ba ne. Jerald Greenberg ya wallafa wani bincike a 1990 a kan wani kamfani a Amurka da ya rage albashin ma'aikata da kashi 15 cikin ɗari na mako goma a masana'antunsa biyu. A ɗaya an zauna an yi cikakken bayani tare da nuna damuwa, a ɗayar an sanar a gurguje. Ragin iri ɗaya ne, amma satar kayan aiki da ajiye aiki sun fi yawa nesa ba kusa ba a inda aka yi gajeren bayani. A asibiti abin da ake gudu ba sata ba ce. Nas ɗin da ta ji an wulaƙanta ta tana da inda za ta, kuma rashin irinta ne ya jawo rufewar tun farko.

Kalmar da na fi jin tsoro a irin wannan jawabi ita ce "na ɗan lokaci". Tana da daɗin faɗa, tana kwantar da ɗaki nan take. Amma ma'aikatan asibiti sun ga ɗakunan da aka rufe na ɗan lokaci suka koma ma'ajiyar karyayyun gadaje. Idan da gaske ana nufin sake buɗewa, a faɗi sharaɗi da ranar dubawa: za mu buɗe rabin ɗakin idan ma'aikatan jinya na ɓangaren maza suka ƙaru da takwas, kuma bayan wata uku zan tara ku in faɗa muku nawa muka samu. Idan babu wannan niyya, a ce ba a sa ranar buɗewa ba. Haka "in sha Allahu" da "sai haƙuri". Kalmomi ne na gaskiya a bakin mai imani, kuma babu laifi a faɗe su. Laifin shi ne a ajiye su a gurbin amsa. "In sha Allahu ranar Laraba ƙarfe goma" magana ce. "In sha Allahu komai zai daidaita" sallama ce.

Sai tambayoyi, kuma nan ne ake ganin halin mutum. Wata Sista da ta daɗe a ɗakin za ta iya miƙewa ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa muna rubuto muku cewa ba mu isa ba? Sai yanzu da za a rufe aka san da mu?" Jarabawar ita ce shugaba ya fara kare kansa, ya lissafo takardun da shi ma ya aika sama. Amsar da ta fi ita ce ya karɓa: "Gaskiya ne, Sista, kun rubuto, na gani, kuma abin da na samo muku bai isa ba. Kun ɗauki nauyin da bai kamata a ɗora muku ba." Ba ya buƙatar ya ce ya san yadda take ji, domin bai kwana shi kaɗai da gado talatin ba. Kada kuma ya mai da taron wurin bayyana tasa damuwar, yadda ya kasa barci da yadda abin ya dame shi. Jimla ɗaya ta isa. Idan ta wuce haka, sai waɗanda aka zo yi wa jaje su koma suna ba shi haƙuri.

Dattijon mai shara kuwa ba zai yi magana a taro ba, kara ba za ta bar shi ba. Shirun ƙananan ma'aikata ba yarda ba ce. Shugaba ya tsaya bayan an tashi, ya je inda yake, ya ce, "Baba, ka ji abin da na faɗa? Akwai abin da ya shige maka duhu?" A nan ne zai ji tambayoyin gaske, irin su ko kuɗin watan da ake bin su za a biya kafin a rufe.

Za a yi tambayar marasa lafiya, kuma dole amsar ta kasance a shirye, don ma'aikatan jinya sukan damu da wannan kusan yadda suka damu da kansu. A ce akwai mutum 26 a kwance ranar sanarwa. Da an daina kwantar da sababbi, mafi yawansu za a sallame su a kan lokacinsu cikin mako biyun. Ba a korar kowa don a cika wa'adi. Waɗanda suka rage, irin masu shanyewar jiki da masu buƙatar iskar oksijin, likitan da ke duba kowanne ne zai sa hannu kafin a matsar da shi, a tafi da fayil ɗinsa da jadawalin maganinsa, nas ta miƙa wa nas baki da baki. Magungunan da ake kullewa a kabad, irin su mofin, a ƙirga su a gaban shaida a mayar wa sashen magani da littafinsu. Sai babbar tambaya: gado 24 da aka rasa, ina masu su za su? Amsar gaskiya ita ce za su taru a sashen gaggawa suna jiran gado, shi ya sa aka tura nas biyu can, kuma dole a sanar da asibitocin da ke turo marasa lafiya da waɗanda za a riƙa tura wa. Shugaban da ya ce rufewar ba za ta shafi marasa lafiya ba, a gaban mutanen da suka san za ta shafa, ya zubar da duk abin da ya gina a minti tara na baya.

Kafin a watse a raba takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci: ranakun, rabon ma'aikata, abin da ba a yanke ba da ranar da za a yanke, da ofishin da za a je da tambaya. Mutum ba ya riƙe yawancin abin da aka faɗa bayan mummunan labari, kuma da yamma iyalinsa za su tambaye shi. A cikin takardar a sa jimla biyu da ma'aikata za su faɗa wa 'yan jinya, domin tun kafin shugaba ya koma ofis wani zai tare nas a baranda ya ce ya ji za a kori marasa lafiya.

Ana gane jawabin ya ɓaci ta hanyoyi sanannu. Idan aka tashi babu tambaya ko ɗaya, ba gamsuwa ba ce, an bar tambayoyin ne don a yi su a waya. Idan washegari Matiron ta ji labari iri uku daga mutum uku, ba a fayyace ba. Idan cikin makonnin da suka biyo baya takardun neman hutun rashin lafiya da na neman canjin wurin aiki suka ƙaru, ko ma'aikata suka fara zuwa ofis neman takardar shaidar aiki, to rufe ɗaki ɗaya ya fara jawo na biyu. Ma'aikatan ɗakin maza na biyu ma a sa musu ido. Su ba a rufe nasu ba, don haka ba a cika kiransu taro ba, alhali su ne za su wayi gari da ƙarin gado shida, da sababbin abokan aiki biyar waɗanda wasunsu sun girme su a mataki, da rigimar wa zai riƙe ɗakin tsakanin manya biyu. Wannan rigima ta shugabanci a warware ta a ofis kafin ranar haɗewa, a kuma yi musu nasu taron a rana ɗaya da na farko.

Ranar Laraba ƙarfe goma, ko an samu gurbin mutum biyun nan ko ba a samu ba, shugaban ya kasance a wurin da ya ce, da kansa ba sakatare ba. Idan ba a samu ba, ya zo da wa'adin sanarwarsu a rubuce, da lissafin haƙƙinsu har da bashin watannin baya, da ranar biya, da takardar shaidar aiki mai sa hannunsa wadda za su iya kai wa wani asibitin.